Karanta Zanen Ruwan Gida: Tambayoyin da Masu Gini da Yaran Aiki Suka Fi Yi Mini a Maradi

Aikin famfo nake yi, kuma yawancin gidajen da ake kira na a yanzu suna da tanki biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, da inji tsakaninsu. Wasu masu gidajen na da takardar zanen ruwan a nannaɗe cikin durowa, ba su taɓa buɗe ta ba tun ranar da aka ba su makulli. Tambayoyin nan daga bakinsu na tattaro su, da bakin yaran da ke koyon aiki a hannuna. Zan riƙa komawa ga gida ɗaya, bene mai hawa ɗaya a unguwar Ali Ɗan Sofo, don kada misalai su yi mana yawa.

An ba ni takardu biyu, duka da layukan bututu. Wacce ce zanen ruwan?

Duka biyun ne, amma aikinsu daban. Ɗaya tana nuna gidan kamar an cire rufi ana leƙowa daga sama: ga ɗakuna, ga bayi, ga inda bututu ya bi jikin bango. Ita ce ke faɗa maka inda abu yake, kuma ana iya auna ta da ma'auni. Ɗayar kuwa, wadda masu zane ke kira shema, ba ruwanta da ɗakuna. Abin da take nunawa shi ne jeri: me ke gaban me, me ke bayan me, daga kwantar ɗin bakin ƙofa mai ƙirga ruwan da ke shigowa har famfon ƙarshe. Bututu mai mita 20 zai iya fitowa a cikinta gajere kamar ɗan yatsa, na mita 1 kuma ya fito dogo, saboda kawai mai zanen na neman wurin rubutu. Kada ka ɗora ma'auni a kan shema ka tafi kasuwa sayen bututu. A kan shema muke magana a nan.

Daga ina zan fara? Layukan sun yi mini yawa.

Fara da ɗan akwatin da ke gefe ko ƙasan takardar, inda aka jera alamomi da ma'anarsu. Masu zane ba su cika haɗuwa a kan alama ɗaya ba, don haka abin da akwatin nan ya faɗa shi ne hukunci, ko da ya saɓa wa abin da zan faɗa a ƙasa.

Daga nan ka ware layukan da ba naka ba. Da yake da Faransanci ake zana mana a nan, za ka ga haruffa a jikin layuka. EF ruwan sanyi ne, EC ko ECS ruwan zafi. Waɗannan su ne ruwan da ke shigowa. EU ruwan wanka da wanke-wanke ne mai fita, EV na masai, EP na ruwan sama. In takardar mai launi ce, shuɗi na sanyi ne, ja na zafi. Ka manta da masu fita tukuna, rabin layukan sun ragu ke nan.

Sai ka nemi kwantar, ka ɗora yatsa a kansa, ka bi ruwan kamar kai ne ruwan. Duk inda hanya ta rabu biyu, ka ɗauki ɗaya ka bi ta har ƙarshe, sannan ka dawo ka ɗauki ɗayar. Ni da fensir mai launi nake bi, don in san inda na riga na taka.

Waɗanne alamomi ne ya zama dole in sani?

Ba su kai goma ba. Bawul, wanda mu a wurin aiki muke ce wa van, kusurwa uku ne guda biyu da suka haɗa baki, siffar kalangu sak. Yawanci ana ba kowanne lamba, V1, V2, haka. In an cike shi da baƙi, ko an rubuta NF kusa da shi, ana nufin a rufe yake zama kullum sai in wata larura ta taso. NO kuwa a buɗe yake zama.

Inji da'ira ce da kusurwa uku a ciki, kuma tsinin na kallon inda yake tura ruwa. Kilafe, wato bawul ɗin da ke barin ruwa ya wuce gaba ya hana shi dawowa, alamarsa ta fi kowacce sauyawa daga mai zane zuwa mai zane, amma kusan kullum akwai kibiya tare da ita. Fulota, mai rufe ruwa da kansa in tanki ya cika, bawul ne da aka zana masa hannu da ƙwallo a cikin tanki. Matata akan zana ta kamar ɗan reshe da ya karkata ƙasa daga jikin bututu.

Akwai ƙaramin abu da ke kayar da yara da yawa. In layi biyu suka gitta juna aka sa ɗigo a mahaɗar, bututun a haɗe suke, akwai te, wato mahaɗa mai baki uku, a wurin. In babu ɗigo, ko ɗaya ya yi ɗan tsalle ya haye ɗayan, wucewa kawai suka yi, ruwansu bai san juna ba.

Maigida, wani wurin babu kibiya. Ta yaya zan gane inda ruwan ya nufa?

Kayan da ke kan layin su za su gaya maka. Tsinin inji na nuna gaba. Kilafe na nuna gaba. Fulota ba ya zama sai a bakin shiga, don haka duk bututun da ya ƙare a fulota ruwa yake kaiwa cikin tanki. Bututun da ya shiga tanki ta sama na cikawa ne, wanda ya fita ta ƙasa na rabawa ne. Girman bututu ma na taimakawa, domin yana raguwa ne yayin da ake nisa da tushe: 32 ya koma 25, 25 ya koma 20 a bakin famfo.

Amma ka riƙe wannan. Kibiyar da ke kan takarda niyyar mai zane ce kawai. Ruwa bai iya karatu ba, inda matsi ya fi ƙaranci nan yake nufa. Duk layin da ke da tushe a kowane ƙarshensa kuma babu kilafe a kai, ruwa zai iya bin sa gaba yau ya bi shi baya gobe. Irin wannan layin nake fara nema a kowane zane.

Ko za ka bi mana gidan nan na Ali Ɗan Sofo daga farko har ƙarshe?

To, ga shi. Ruwan gari ya shigo ta kwantar, ya wuce V1, ya wuce matata, ya wuce kilafe na farko, sai ya iske te. Hannu ɗaya na te ɗin ya bi ta V2 ya shiga tankin ƙasa mai lita 3,000, ta bakin fulota. Ɗayan hannun mu ajiye shi, za mu dawo kansa.

Daga gindin tankin ƙasa bututu ya fita ta V4 zuwa inji. Bayan injin akwai kilafe na biyu da V5, sannan bututun ya hau jikin bango ya zuba a saman tankin sama mai lita 2,000. A cikin wannan tankin babu fulota na ƙarfe. Akwai na lantarki, wanda aka zana da layi mai ɗigo-ɗigo zuwa inji, alamar waya ce ba bututu ba: ruwa ya yi ƙasa ya tada inji, ya cika ya kashe shi. Daga gindin tankin sama ruwa ya fito ta V6 ya sauko, ya rabu biyu, V7 na ciyar da bene, V8 na ciyar da ƙasa.

Yanzu mu koma hannun da muka ajiye. Ya tashi daga te ɗin farko, ya bi ta V3, ya je ya haɗu da bututun da ke saukowa daga tankin sama, kafin V7 da V8. Shi ne baifas. An rubuta NF a jikin V3. Amfaninsa ranar da inji ya lalace ko ake wanke tanki: a rufe V6, a buɗe V3, gida ya sha kai tsaye daga ruwan gari in da ƙarfi.

Kowane tanki kuma na da bututu biyu da ba sa kai ruwa ko'ina. Bututun da ke kusa da bakin tanki, mai alamar TP, na tumbatsa ne, kuma ba a sa masa bawul har abada. Wanda ke can gindin tanki na zubar da ruwan wanki ne, bawul ɗinsa a rufe.

Me ya sa kake yawan nanata maganar baifas?

Saboda shi ya kai ni gidan. Hajiyar gidan ce ta kira ni cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma ruwan unguwar kan yi rauni da rana. Ta ce, "Malam, injin nan ba ya hutawa, cikin dare ma sai in ji ya tashi, kuma ba mai buɗe famfo." An riga an canja fulotan lantarki, an haƙa wuri biyu a tsakar gida ana neman yoyo, ba a ga ko danshi ba.

Na duba kwantar, ƙaramar tauraruwar da ke juyawa in ruwa na wucewa tana tsaye cik. Na buɗe murfin tankin ƙasa, sai ga ruwa na zuba ta bakin fulota, shaa, alhali ruwan gari bai zo ba tun safe. Daga ina ke nan? Na shimfiɗa takardar a kan murfin, na ɗora yatsa a bakin fulota na koma da baya: V2, sai te. Daga te hanya biyu ce. Ta kwantar kilafe ya tsare, kuma babu ruwa can. Saura V3. Na je na same shi bayan tulin bulo, hannunsa a miƙe tare da bututu, a buɗe. Wani ya buɗe shi watanni baya da inji ya yi ciwo, aka gyara inji aka manta da shi.

Abin da ke faruwa shi ne, inji ya ɗebi ruwa daga tankin ƙasa ya kai sama, ruwan ƙasa ya ragu, fulota ya buɗe baki. Ruwan sama ya sauko ta V6, ya bi baifas da baya, ya koma tankin ƙasa. Tankin sama ya ragu, inji ya sake tashi. Ruwa ɗaya ke zagaye dare da rana, ba ɗigon da ya zube, kuɗin wuta kawai ke tafiya. Gyaran bai ɗauki daƙiƙa biyar ba, murɗa hannu ne kawai. Daga baya na sa kilafe a kan baifas ɗin, na cire hannun V3 na ba Hajiya ta ajiye.

Wannan buɗaɗɗen V3 na da wata fuskar. Da dare, in ruwan gari ya zo da ƙarfi, zai bi baifas ya hau bututun saukowa ya shiga tankin sama ta gindi, inda babu abin da zai tsayar da shi, sai ka ga TP na tsiyaya har asuba. In kuma babu kilafe na farko, ko yashi ya hana shi rufewa, ruwan tankinka zai koma bututun titi, ka shayar da maƙwabta ba da saninka ba.

Shawan bene ba shi da ƙarfi, na ƙasa kuwa lafiya lau. Zane zai nuna dalili?

Zai nuna, in an rubuta tsayi. Nemi lambobi masu alamar tarawa a gaba, irin +3,20 ko +7,50. Mita ne, daga daɓen ƙasa ake ƙirgawa. RDC hawan ƙasa ne, R+1 bene.

Ƙa'idar ɗaya ce: kowace mita 10 ta tsayin ruwa na ba da kusan bar 1 na matsi. Tsayin da ake nufi daga saman ruwan da ke cikin tanki ne zuwa bakin da ruwa zai fita. A gidan nan gindin tankin sama na +7,50. Daɓen bene na +3,20, kan shawa kuma mita 2 sama da daɓe, wato +5,20. In tanki ya kusa ƙarewa, tazarar mita 2,3 ce kacal, wajen bar 0,23. Shawan ƙasa na +2,00, tazararsa mita 5,5, bar 0,55, fiye da ninki biyu. Wannan kuma kafin a cire abin da gwiwoyi da tsawon bututu ke ci in ruwa na gudu.

Mutane kan ce a sayo babban tanki. Faɗin tanki ba ya ƙara matsi ko kaɗan, lita 5,000 da lita 1,000 a tsayi ɗaya ƙarfinsu ɗaya. Ko a ɗaga tankin, ko a sa ƙaramin injin ƙara matsi bayan V6, ko a canja kan shawa zuwa mai manyan ƙofofi. Wanda zai ɗaga tanki kuma ya tuna lita 2,000 tan 2 ne, ban da nauyin tankin, ya nemi mai lissafin gini kafin ya ɗora wa ƙarfe.

Lambobin jikin bututu fa, irin PPR 25 PN20 da 20/27?

Kalmar farko irin bututun ce. PPR shi ne robar da ake haɗawa da zafi. Lambar da ke biye faɗinsa ne na waje da milimita, PN20 kuma matsin da yake ɗauka, bar 20 a ruwan sanyi. A bututun ƙarfe da bakin bawul za ka ga lamba biyu: 15/21 rabin inci ne, 20/27 uku bisa huɗu, 26/34 inci ɗaya. Ta farko kusan faɗin ciki ce, ta biyu na waje.

Inda ake faɗawa rami shi ne a ɗauka 20 na roba daidai yake da 20 na ƙarfe. PPR 20 PN20 bangonsa mai kauri ne, ramin cikinsa milimita 13 da ɗan kai ne kawai. PPR 25 na da kusan 16 da rabi, PPR 32 kusan 21. Don haka in zane ya ce 20/27, ko DN20 wanda shi ma hakan yake nufi, aka sa PPR 20, an shaƙe wa ruwa wuya. A gidan da tanki ke ciyarwa, inda matsin dama bai taka kara ya karya ba, nan da nan za a ji a shawa.

Famfon bayin bene na yoyo. Wane bawul zan rufe?

Ɗora yatsa a kan famfon ka koma da baya. Bawul na farko da ka ci karo da shi shi ne naka. In akwai ƙarami a bakin bayin, shi ke nan. In babu, V7 ne, bene duka zai rasa ruwa amma madafa da bayin ƙasa na aiki. Kafin ka kwance komi, duba ko akwai wani layin da ke shigowa tsakanin bawul ɗin da famfon, musamman na ruwan zafi. Sai ka buɗe famfon ka ga ya tsaya.

Rufe V1 a bakin kwantar ba zai yi maka komi ba a irin wannan gida, kuma shi kowa ke rugawa ya rufe. Lita 2,000 na bisa kanka, jarka 80 masu lita 25, kuma ba ta V1 za su biyo ba.

Ina zargin yoyo a cikin bango. Kwantar zai nuna?

A gida mai tanki, ba kai tsaye ba. Kwantar ba ya ganin komi bayan fulotan tankin ƙasa. Zane zai taimake ka ka yanka gidan gida-gida. Da dare ka kashe inji, ka tabbata V3 a rufe yake, ka sa alama a inda ruwan tankin sama ya tsaya, kowa ya haƙura da famfo har safe. A tankin da faɗinsa ya kai mita 1,3, kowace santimita ɗaya wajen lita 13 ce. In ka tarar ya sauka santimita 5, lita 65 sun tafi wani wuri. Dare na biyu ka maimaita da V7 a rufe. In ruwa bai motsa ba, matsalar na bene. In ya sauka, rufe V8 a dare na uku. In duka biyun a rufe kuma yana sauka, to tankin ne ko bututun saukowa.

Kafin ka fasa tayil, leƙa cikin kowane masai. Sau da yawa ƙaramin tankinsa ne ke zirarar da ruwa shiru.

Ina so in haɗa rijiyar burtsatse da wannan tsarin. A ina zan shigar da ita?

Ta zuba a tankin ƙasa ta sama, da bakinta daban, sama da bututun tumbatsa, yadda akwai iska tsakanin bakin da saman ruwa. Kada a haɗa ta da bututun da ke zuwa daga kwantar, ko da an sa bawul tsakani. Injin rijiya zai iya fin ruwan gari ƙarfi ya tura ruwan da ba a tace ba cikin bututun jama'a. In ka ga irin wannan haɗin a zane, ka mayar wa mai zanen ya gyara.

Abin da ke takarda bai yi daidai da abin da ke bango ba. Wa zan yarda da shi?

Bango. Yawancin zanen da ke hannun mutane na kafin gini ne, kuma a wurin aiki akan canja hanya saboda ginshiƙi, ko a tsallake bawul saboda kuɗi sun ƙare. A gidan Hajiya ma V8 na takarda ne kawai, da na nema ban same shi ba sai da na sa.

Ka ɗauki takardar ka zagaya da ita wata safiya. Kowane bawul ka rufe shi ka ga waɗanne famfuna suka mutu. Mai dogon hannu in hannun na tare da bututu a buɗe yake, in ya gicciye a rufe. A jikin kilafe da kwantar da matata akwai kibiya da aka zuba tare da ƙarfen, ka gwada ta da ta takarda, domin kilafen da aka ɗaura a juye ba ya barin ruwa ya wuce sam. Abin da ka ga ya bambanta ka gyara da jan biro a kan takardar, ka rubuta kwanan wata. Lambar kowane bawul kuma ka rubuta ta da fenti a bangon da ke kusa da shi, don takardar manne ba ta kai damina biyu a ranar Maradi.